Kasuwanci da sunan wani: abin da ya kamata a sani kafin sa hannu kan yarjejeniyar faranshiz

A Abijan da Dakar an saba ganin manyan kantuna da gidajen abinci masu ɗauke da sunan kamfanonin waje, alhali masu su ƴan kasuwa ne na yankin. Kamfanin CFAO ne ya buɗe kantin Carrefour na farko a Abijan a shekarar 2015, bisa yarjejeniya da mai sunan. Irin wannan tsari shi ne faranshiz, kuma ɗan kasuwar Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa na iya samun tayinsa daga mai gidajen abinci, mai gidajen burodi ko mai makarantun koyon sana'a. Tayin yakan zo da hotuna masu kyau da lissafin riba mai daɗin ji. Sai dai takardar da ake sa wa hannu ce ke hukunci, kuma abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne: jarin naka ne, bashin naka ne, sunan kuwa aro aka ba ka na ƴan shekaru. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin kowace aya da ke cikin kwantaragin.

Mene ne faranshiz, mene ne kuma ba shi ba

A faranshiz mutum biyu ne ke ƙulla yarjejeniya. Na farko shi ne mai suna, wato kamfanin da ya gwada wata sana'a ta yi nasara, ya kuma yi wa sunansa da tambarinsa rajista. Na biyu shi ne mai karɓar suna, ɗan kasuwa mai zaman kansa da ke zuba kuɗinsa ya buɗe shago irin na mai sunan sak. Mai suna yana ba da abu uku: izinin amfani da suna da tambari, sirrin yadda ake gudanar da sana'ar, da taimako a tsawon shekarun yarjejeniyar. Mai karɓa yana biyan kuɗi, yana kuma bin ƙa'idojin da aka shimfiɗa masa.

Mai karɓar suna ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Shi ke yin rajistar kasuwancinsa, shi ke biyan lanho, shi ke ɗaukar ma'aikata ya yi musu rajista a CNSS, kuma idan an faɗi shi ke faɗuwa. Haka kuma faranshiz daban yake da hayar gudanarwa da aka fi sani a gidajen mai, inda tashar da famfunanta na kamfani ne, mai gudanarwa haya kawai yake yi. A faranshiz galibi kai ke gina komai da kuɗinka.

Dokokin OHADA, waɗanda Nijar ke aiki da su a fagen kasuwanci tare da sauran ƙasashe 16, sun tsara hayar gudanarwa, hayar shago da aikin dillalai, amma ba su ware wa faranshiz babi na kansa ba. A Faransa akwai doka tun 31 ga Disamba 1989 da ta tilasta wa mai suna ya miƙa wa ɗan kasuwa takardar bayani kwana 20 kafin sa hannu, mai nuna tarihin kamfanin, jerin shagunansa da adadin waɗanda suka fita daga cikinsa a shekarar da ta gabata. Dokokin OHADA ba su ɗora wa mai suna wannan nauyi ba. Ke nan abin da ba ka tambaya ba, ba lallai a gaya maka ba, kuma kariyar da ba ka sa an rubuta ba, da wuya ka same ta daga baya.

Kuɗin da ake biya, da yadda suke cin riba

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na kwatance ne, ba na wani shago na gaske ba. Wani ɗan kasuwa a Maraɗi yana son buɗe gidan soyayyen kaji da sunan wani kamfani na Abijan, na tsawon shekara 5.

Kuɗi na farko shi ne kuɗin shiga, a ce miliyan 10 na sefa, ana biyansa ranar sa hannu. Shi ne ladan izinin shiga, horon farko da taimakon buɗe shago. Kusan kowane kwantaragi yana cewa ba a mayar da shi, ko da shagon bai kai ga buɗewa ba. Wurin da ake iya ciniki a nan shi ne a raba shi biyu, rabi ranar sa hannu rabi ranar buɗewa, a kuma rubuta cewa za a mayar idan banki ya hana bashi ko mai suna ya ƙi amincewa da wurin da aka samo.

Bayan wannan sai gyaran shago da kayan aiki: tukwanen suya, firigo, gurup, kujeru, allunan suna. A ce miliyan 35, wanda miliyan 8 daga ciki sun tafi a kan alluna, fenti da ado masu launin kamfanin. Jimillar jari ta zama miliyan 45.

Sai kuɗin wata-wata. Akwai ladan suna, a ce kashi 5 cikin 100, da kuɗin talla, kashi 2 cikin 100. Abin lura shi ne, a kan ciniki ake lissafa su, ba a kan riba ba. Kashi 7 cikin 100 yana da sauƙin ji a kunne, amma ga yadda yake a aljihu.

Idan shagon ya yi cinikin miliyan 12 a wata, kaji, mai, gari da kwalaye sun ci kashi 45 cikin 100, wato miliyan 5 da jika 400. Albashi miliyan 1 da jika 800, haya jika 500, wuta da gas da man gurup miliyan 1 da jika 200, sauran ƙananan kashe-kashe jika 600. Waɗannan huɗun sun kama miliyan 4 da jika 100, kuma ba sa raguwa don ciniki ya ragu. Abin da ya rage shi ne miliyan 2 da rabi. Daga nan mai suna ya ɗauki jika 600 na ladan suna da jika 240 na talla, jimilla jika 840. Ɗan kasuwa ya tashi da miliyan 1 da jika 660. Ashe kashi 7 na ciniki ya cinye kusan sulusin ribar. A wannan tafiya sai ya yi wata 27 kafin jarinsa ya dawo, tun ba a cire lanho da ruwan banki ba.

Yanzu a ce ciniki ya sauko zuwa miliyan 9. Bayan kaya da kashe-kashen da ba sa motsi, jika 850 ta rage. Mai suna ya ɗauki jika 630, ɗan kasuwa ya tashi da jika 220. Idan ciniki ya kai miliyan 8, jika 300 ce ta rage, mai suna yana bin jika 560, ɗan kasuwa ya ciro jika 260 daga aljihunsa ya cika. A dukan watannin nan mai suna bai yi asara ba ko sau ɗaya. Don haka lissafin farko da ya kamata a yi shi ne na cinikin da in an gaza shi an fara faɗuwa. A misalinmu ya ɗan haura miliyan 8 da rabi a wata.

Akwai ayoyi biyu da ke ƙara nauyin. Ta farko ita ce mafi ƙarancin lada. Idan an rubuta cewa ladan suna ba zai gaza jika 600 a wata ba komai ciniki, to a watan miliyan 9 ɗan kasuwa zai biya jika 600 maimakon 450, ribarsa ta koma jika 70. Ta biyu ita ce ma'anar kalmar ciniki. Dole a rubuta cewa ciniki ne kafin harajin TVA, wanda kwantaragi ke nunawa da haruffan HT, ba wanda ya haɗa da harajin ba, mai haruffan TTC. Babban ma'aunin TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Idan shi ne ya hau kan kayanka, aka kuma lissafa ladan a kan kuɗin da ya haɗa da shi, jika 840 za ta koma kusan miliyan 1, kana biyan lada a kan kuɗin gwamnati da ka riƙe amana.

Wani kuɗin kuma ba ya fitowa da sunan kuɗi. Mai suna yakan wajabta a sayi kayan yaji, garin shafe kaza da kwalaye daga wurinsa kaɗai, ya ɗora ribarsa a kai. Hujjarsa ita ce ɗanɗano ya zama ɗaya a ko'ina, kuma a kan kayan da ke ɗauke da sirrinsa hujjar tana da ƙarfi. A kan kaji, dankali da albasa ba ta da shi. Ƴan kasuwar Nijar sun ga yadda rufe iyakar Gaya a 2023 ya tsawaita hanyar kaya ya kuma ƙara musu tsada. Kwantaragin da ya hana ka sayen madadi a gida lokacin da kaya suka maƙale a hanya, ya kuma ci gaba da lissafa maka mafi ƙarancin lada, tarko ne. A nemi a rubuta cewa idan kaya sun yi jinkirin da ya wuce adadin kwanaki kaza, kana da izinin sayen makamancinsu, kuma mafi ƙarancin ladan ya tsaya.

Yankin da aka keɓe maka

Yawancin masu karɓar suna suna ɗauka cewa garin ya zama nasu. Ba haka ba ne sai in an rubuta, domin keɓe yanki ba ya cikin abubuwan da faranshiz ke zuwa da su kai tsaye. Ko an rubuta ma, keɓewar hawa-hawa ce. Mafi rauni ita ce mai suna ya yi alƙawarin ba zai ba wani ɗan kasuwa sunan a yankinka ba. Wannan bai hana shi buɗe shagonsa na kansa a gabanka ba. Ta fi ƙarfi idan ya ƙara da cewa shi ma ba zai buɗe ba. Mafi ƙarfi ita ce wadda ta hana kayansa shiga yankin ta kowace hanya, ko ta babban kanti, ko ta ɗan shago a gidan mai, ko da wani suna na biyu da kamfanin ya mallaka.

Sai maganar iyaka. Idan kwantaragi ya ce "Maraɗi" kawai, birnin ake nufi mai gundumomi uku, ko jahar da ta haɗa har da Tasawa, Madarumfa da Gidan Rumji? Tibiri da ke bakin birnin tana ciki ko waje? Haka Yamai mai gundumomi biyar: ƙetaren kogi yana ciki? Ranar da gardama ta tashi kowa zai fassara yadda ta yi masa. Maganin shi ne taswira da aka ja wa layi, kowane ɓangare ya sa mata hannu, a maƙala ta a kwantaragin, tare da sunayen unguwanni da hanyoyin da suka yi iyaka.

Akwai kuma cinikin da ba ya buƙatar shago. A ranar 14 ga Maris 2006 kotun ƙolin Faransa ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfanin sayar da furanni cewa buɗe shafin ciniki a intanet ba daidai yake da buɗe shago a yankin da aka keɓe ba, don haka mai suna bai karya alƙawari ba. Hukuncin ba ya ɗaure alƙalan Nijar, amma kwantaragin da ke zuwa mana galibi a kan salon Faransa ake rubuta su, kuma lauyan mai suna zai kafa hujja da shi. A garuruwanmu ana oda ta waya, ɗan kabu-kabu ya kai. Idan aka buɗe shago na biyu a wajen layinka, babura na iya shigo da kaji har ƙofar maƙwabcinka. Sai a rubuta wanda ke da odar da adireshinta ya faɗo cikin yankinka, ko kason da za a ba ka idan wani ya kai.

A duba kuma sharaɗin da ke rataye da keɓewar. Sau da yawa ana cewa za ta faɗi idan ciniki bai kai adadi kaza ba, ko idan ba ka buɗe shago na biyu cikin shekara biyu ba. A misalinmu, idan ma'aunin miliyan 12 ne, watannin miliyan 9 za su ba mai suna damar kawo wani kusa da kai daidai lokacin da ka fi rauni. Ma'aunin ya kamata ya kasance na shekara guda cur, ba na wata ba, saboda azumi, damina da lokacin zafi ba sa ba da ciniki iri ɗaya.

Ikon mai suna a kan sunansa

Kafin a yi maganar ƙa'idojin mai suna, a fara tabbatar da cewa sunan nasa ne a nan. Kariyar tambari a Nijar tana ƙarƙashin OAPI, hukumar da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai hedikwata a Yawunde. Rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, na tsawon shekara 10, ana kuma sabunta ta. Najeriya da Ghana ba sa ciki. Sunan da ya shahara a Kano ko Legas, ko wanda aka yi wa rajista a Faransa kaɗai, wannan rajistar ba ta kare shi a Maraɗi. Idan haka ne, kana iya biyan miliyan 10 a kan sunan da wani zai liƙa a shagonsa gobe, hana shi kuma ya zama doguwar shari'a.

A nemi kwafin takardar rajistar, a duba abu uku. Sunan da ke kanta shi ne na wanda zai sa hannu da kai? Rajistar ta shafi irin sana'arka? Ana yi wa tambari rajista ne aji-aji, gidajen abinci suna aji na 43. Yaushe wa'adinta zai ƙare? Sannan izinin amfani da tambarin da aka ba ka ya kamata a shigar da shi a kundin OAPI, don sai da haka yake zama hujja a kan mutanen da ba sa cikin yarjejeniyar, misali wanda ya sayi kamfanin daga baya.

Wani lokaci wanda ke gabanka ba shi ne mai sunan ba, babban wakili ne da aka ba ƙasa ko yanki ya rarraba. Ba zai iya ba ka abin da ya wuce nasa ba. Idan saura shekara 3 wa'adinsa ya cika, ya ba ka 5, shekaru biyun ƙarshe a iska suke. A nemi ganin wa'adinsa, a kuma nemi takarda daga asalin mai sunan cewa zai ci gaba da kai idan ya rabu da wakilin.

Idan sunan ya tabbata, ikon da mai shi ke nema yana da dalili: kazar da ta lalace a shago ɗaya tana ɓata sunan dukan shagunan. Shi ya sa yake ba da kundin aiki mai fayyace komai, daga zafin man suya zuwa rigar ma'aikata, yake turo masu bincike ba sanarwa, yake neman ganin na'urar kuɗin shago. Haɗarin yana cikin aya guda da ke cewa kundin ɓangare ne na kwantaragi, kuma mai suna na iya sauya shi duk lokacin da ya so. Da wannan ayar yana iya canza launi da fasalin shago a shekara ta uku, ya ce ka sake kashe miliyan 8. Kariyar ita ce a rubuta cewa babban gyara ba zai wuce sau ɗaya a wa'adi ba, a sa masa iyakar kuɗi, kuma ba za a neme shi a shekarar ƙarshe ba sai an sabunta yarjejeniyar.

Ikon yana da iyaka a kan farashi. Dokar gasar kasuwanci ta UEMOA ta 2002 ta haramta yarjejeniyoyin ƙayyade farashi tsakanin kamfanoni masu zaman kansu. Mai suna na iya ba da shawarar farashi, amma tilasta shi wani abu ne daban. Wannan yana da amfani a aikace, don abin da mutumin Abijan ke iya biya a kan cinyar kaza ba shi mutumin Maraɗi ke iya biya ba.

Ranar rabuwa

Yarjejeniya tana ƙarewa ta hanya biyu. Ta farko wa'adi ya cika. A nan mai suna ba ya da tilas ya sabunta sai in an rubuta, kuma ba a saba biyan diyyar kwastomomin da ka tara ba. Ko ya sabunta, yana iya neman sabon kuɗin shiga da sabbin sharuɗɗa. Ta biyu a soke kafin lokaci saboda laifi, kamar rashin biyan lada ko faɗuwa a bincike. Kwantaragi mai adalci yana cewa sai an aiko da gargaɗi a rubuce, an ba da wa'adin gyara kamar kwana 30, an kuma lissafa laifuffukan da ke jawo sokewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce "kowane saɓani" ya isa a soke, ya ba mai suna wuƙa da nama. A tabbata kuma kai ma kana da hanyar fita idan shi ne ya daina kawo kaya ko taimako.

Mu koma ga ɗan kasuwarmu. A ce an soke yarjejeniyarsa bayan wata 30, daidai rabin wa'adi. Cikin ƴan kwanaki zai sauke alluna, ya goge launi, ya mayar da kundin aiki. Miliyan 8 na ado sun tafi. Rabin kuɗin shiga, miliyan 5, ya tafi ba tare da ya ci moriyarsa ba. Kwalaye da kayan yaji masu tambari, a ce na miliyan 3, ba zai iya sayar da su ba, sai in kwantaragi ya wajabta wa mai suna ya saye su ko ya ba shi wata biyu zuwa uku ya ƙarar. Sannan ga tarar sokewa. Yawanci ana rubuta ta a matsayin ladan watannin da suka rage: wata 30 sau jika 600, miliyan 18. Jimilla miliyan 34, bashin banki kuma yana nan. Idan ya sa hannu a matsayin mai tsaya wa kamfaninsa da kansa, ana iya bin wannan kuɗi har kan gidansa. Tun farko ake rage wannan, ta hanyar sa wa tarar iyaka, misali ladan wata 6 ko 12, da sa wa tsayawar iyakar kuɗi.

Bayan haka akwai ayar hana gasa, mai cewa ba za ka yi irin wannan sana'a ba bayan rabuwa. A Faransa, tun dokar 2015, irin wannan aya a harkar kantuna ba ta wuce shekara ɗaya, kuma tana tsayawa ne a kan wurin da aka yi sana'ar. Wannan ma'auni ne mai kyau na ciniki ko a nan. Idan aka rubuta shekara 3 a duk faɗin Nijar, ɗan kasuwarmu zai zauna da tukwanen suya da firigo na miliyoyi ba ya da ikon soya kaza. Abin da ya fi sauƙi shi ne ayar da ke hana shi shiga wani kamfani mai gasa kawai, ta bar shi ya ci gaba da sunan kansa.

Abu biyu ne ke nuna ko zai tashi bayan rabuwa. Na farko hayar shago. Idan sunansa ke kan takardar haya, dokar OHADA tana ba ɗan hayan da ya yi shekara 2 yana sana'a a wuri bisa ƙa'ida haƙƙin a sabunta masa, ko a biya shi diyya idan mai gida ya ƙi ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba. Idan mai suna ne ya kama hayar ya ba shi, ranar rabuwa wurin ma ya tafi, a sa wani a ciki ya gaji kwastomominsa. Na biyu lambar wayar oda, shafukan sada zumunta da jerin kwastomomi. Inda ciniki ke tafiya ta waya, lambar tana iya fin allon daraja. A rubuta tun farko ta wane ne.

Ko sayar da shagon ma ba ya hannunsa shi kaɗai. Mai suna yakan riƙe ikon amincewa da mai saye, da ikon riga kowa saye a farashin da aka taya. A sa masa wa'adin amsa, kamar kwana 30, in ya yi shiru a ɗauka ya yarda, don kada mai saye ya gaji ya tafi.

Aya ta ƙarshe a takarda takan faɗi dokar da za a bi da wurin da za a yi shari'a. Idan ta ce Paris, ƙaramin ɗan kasuwa ya rasa ƙararsa tun bai shigar ba, saboda kuɗin tafiya da na lauya. Akwai kotun kasuwanci a Yamai, akwai kuma kotun OHADA ta CCJA a Abijan da ke shirya sasanci ta hanyar masu hukunci da ɓangarori suka zaɓa. Ko wanne aka ɗauka, a san kuɗinsa kafin a yarda.

Kafin a ɗauki alƙalami

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wannan ba ya nufin a guji faranshiz, don sunan da mutane suka sani da tsarin da aka riga aka gwada suna iya rage wa mutum shekarun lalube. Yana nufin a auna shi a matsayin aro. Wa'adin ya fi lokacin dawowar jari da na biyan bashin banki nesa ba kusa ba: wanda jarinsa ke dawowa a wata 27 idan komai ya tafi daidai, shekara 3 ba ta ishe shi ba. A ba kwantabul lissafin ya sake shi da farashin wuta, haya da kaji na garinku, a kan ciniki mai kyau da maras kyau. A nemi jerin masu riƙe da sunan yanzu da waɗanda suka bari, a kira na biyun a tambaye su nawa suka biya ranar fita da abin da suka tsira da shi. Sannan a kai wa lauya takardar, a ce ya fara karantawa daga ayoyin sokewa, tara da hana gasa, kafin ya dawo kan shafin farko.